Amsa Ta Kuskure, Maki Ya Samu: Yadda Ake Duba Takardar Lissafi

Iyaye da yawa kan yi mamaki in sun ga malami ya ja wa amsar yaro jan biro, sannan ya ba shi maki biyu cikin huɗu. Wasu har cewa suke tausayi ne ko alfarma. Ba haka ba ne. A jarrabawar lissafi ta rubutu, irin ta WAEC, ba a jibge makin tambaya a kan amsar ƙarshe. Rarraba shi ake yi mataki-mataki. Akwai makin hanya, mai alamar M, akwai kuma makin daidaiton amsa, mai alamar A, wanda ba ya samuwa sai hanya ta inganta.

A ce gona ce mai tsawon mita 24 da faɗin mita 15, aka nemi girmanta, da kuɗin sharar ta a kan naira 50 kowane murabba'in mita. Amsa ita ce 360, sai naira 18,000. Yarinya ta rubuta 24 × 15, amma garin sauri ta samu 340. Ta ci makin hanya, ta rasa na amsa. Ta ci gaba da 340 × 50, ta samu 17,000. Nan ma hanyarta daidai ce, don haka wani makin ya shiga hannu, ko da lambar da ta ɗauko gurɓatacciya ce. A wasu tsare-tsaren ma akan ba ta makin amsa ta biyun, don kada a hukunta ta sau biyu a kan tuntuɓe ɗaya.

Wani yaron kuma ya rubuta 24 + 15. Wannan bai san yadda ake fitar da girman fili ba, saboda haka babu abin da zai samu a kashin farko. Shi da yarinyar duk sun kuskure, amma ciwonsu ba ɗaya ba ne: ita natsuwa take buƙata, shi kuwa sai an sake masa darasin daga tushe. Malamin da ya ba su sifili su biyun ya ɓoye wa kansa wannan bambanci.

Masu cewa a kasuwa kuskure kuskure ne, suna da gaskiyarsu, kuma shi ya sa makin amsa ba ya dawowa. Sai dai aji wurin koyo ne.

Wanda ya fi kowa asara shi ne mai yin aikinsa a ka, ko a bangon takardar tambaya, ya rubuta 17,000 tsurarta. Mai dubawa ba boka ba ne, abin da ya gani a rubuce shi yake ba wa maki. Ko 18,000 ɗin ce, in babu aiki a tare da ita, tana iya rasa makin hanya. Ɗalibai, ku rubuta kowane mataki a takardar amsa, kuma kada ku soke aiki sai kun rubuta wanda zai maye gurbinsa.