Kwafar Hira da Fassara Ta: Abin da Ke Salwanta Tsakanin Baki da Takarda

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce duba wata matsala da muke cin karo da ita kowace shekara wajen duba kundayen ɗalibai. Ɗalibi zai tafi ƙauye ya ɗauko hira da dattijo, ya dawo ya kwafe ta, amma abin da zai kawo mana sai ya zama Hausar littafin makaranta, sumul, babu gargada. To, mun san ba haka mutane ke magana ba. A ganinmu mai kwafar hira shaida ne, ba edita ba, kuma duk gyaran da ya yi a ɓoye yakan rikiɗe ya zama kuskure idan aka zo fassara. Za mu nuna haka da 'yan jimloli daga hirar da wani ɗalibinmu ya yi da wani manomi a arewacin Katsina, kusa da iyakar Nijar, a kan yunwa.

2.0 Magana ɗaya, kwafi biyu

Ga abin da ɗalibin ya rubuta:

"A shekarar fari an kawo hatsin taimako, manya suka cinye, aka ba mu tiya bakwai. Sai muka tafi cin rani."

Da muka zauna da shi muka saurari wurin, ga abin da muka samu:

"To... shekaran nan ta hwari, an kawo hatcin taimako. Wai... (shiru, daƙiƙa 4) wai hak-... to, manya dai, sunka yi rub-da-ciki da shi. Mu tiya [bakwai? takwas? zakara ya yi cara, 14:32] anka ba mu. Sai munka tahi cin rani."

Ɗalibin bai yi nufin ha'inci ba. Ya ɗauka ladabi ne ya tsabtace maganar dattijo. Amma a cikin wannan tsabtacewa abubuwa da dama sun salwanta, kuma ba duka ke da nauyi ɗaya ba. Mayar da "munka tahi" zuwa "muka tafi" asara ce ga mai nazarin karin harshe, ko da yake ba ta sauya labarin ba. Sauran kuwa sun sauya shi.

2.1 "Wai" da shiru

Mafi muni shi ne zubar da kalmar "wai". Ɗalibai kan lissafa ta cikin kalmomin cike gurbi, irin su "to" da "ka gane" da "abin nan". Alhali a Hausa "wai" aiki take yi: mai magana yana sanar da mu cewa ji ya yi, bai gani da idonsa ba, kuma bai ɗauki alhakin zancen ba. Da aka cire ta, jita-jita ta koma shaida, aka sa dattijo ya tuhumi mutane da abin da shi kansa ya yi kaffa-kaffa da shi. Mai fassara zuwa Ingilishi ko Faransanci dole ya nemo abin da zai nuna cewa ana faɗa ne, kuma ba zai nema ba idan kwafin da ke gabansa bai nuna masa ba.

Haka shirun nan na daƙiƙa huɗu, da kalmar da ya fara ya katse. Ya kama hanyar ambaton wani mai muƙami, ya tuna ana ɗaukar muryarsa, ya janye ya ce "manya dai". Wannan janyewa ita kanta bayani ce game da zaman talaka da masu iko a wurin. Abin da ya kamata shi ne a rubuta guntun kalmar yadda ta fito, a sa mata karan ɗori, kada a ƙarasa masa ita, domin bai faɗa ba. Ba muna cewa a auna kowane numfashi ba. Mu dai ɗigo uku muke sa wa ɗan jinkiri, sai shiru ya wuce kamar daƙiƙa biyu sannan mu rubuta tsawonsa.

2.2 Wane fari?

Nan ne muka fi daɗewa. Daidaitacciyar ƙa'idar rubutun Hausa ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka "fari" a takarda tana iya zama launi, ko rashin ruwan sama, ko jam'in fara. A baki kuwa ba sa rikicewa. Farin rashin ruwa wasalinsa na farko gajere ne, kuma murya takan fara daga sama ta sauko. Jam'in fara wasalinsa na farko dogo ne, murya takan fara daga ƙasa ta hau. Ɗalibin ya ji daidai a ƙauye, ya rubuta "fari", bayan wata biyu ya zo fassara daga takarda ba tare da ya koma ga muryar ba. Da yake zancen yunwa ne, sai ya fassara ta da rashin ruwa, har ya ƙara a ƙasan shafi cewa ana nufin farin 1984.

Da muka saurara, dogon wasali muka ji: ƙwari dattijon ke nufi. Aka koma wurinsa, ya ce wannan shekara ta zo ne 'yan damuna kaɗan bayan waccan babbar yunwar, abin da ya yi daidai da annobar fara da ta addabi ƙasashen Sahel tsakanin 1986 da 1989. Ke nan wasali guda ya kusa kai labarin ga wata masifa dabam da wata shekara dabam. Tun daga nan muka kafa wa ɗalibanmu sharaɗi biyu. Duk kalmar da ke da tagwaye irin wannan a sa mata alamar karin sauti da ta tsawon wasali tun a kwafin farko, kamar yadda masu ƙamus suka saba tun daga Bargery a 1934. Sannan ba a yin fassara sai murya na kusa, ana ji ana duba takarda.

2.3 Sara da salon magana

"Rub-da-ciki" ba daidai take da "cinyewa" ba. Tana ɗauke da hoton mutum ya kife a kan abu ya danne shi don kada kowa ya samu, kuma akwai ba'a a cikinta. Idan aka fassara ta kalma da kalma, baƙo zai zaci kwanciya ake nufi. Idan kuma aka sa kalmar kotu ta almubazzaranci, an sa wa manomi bakin lauya. Mukan nemi magana mai irin wannan zafi a harshen da ake fassarawa, mu bar ta Hausar a gefenta, mu yi bayanin hoton sau ɗaya. Sara kuwa, musamman ta matasa, tana da zamani da unguwa, ƙamus ba ya riskar ta. Mai maganar ko tsararsa ake tambaya, a kuma rubuta wanda ya ba da ma'anar.

2.4 Kalmar da ba a ji ba

Cara ta rufe adadin tiyoyin, abin da ya tsira kawai shi ne sautin "kwa" a tsakiya, wanda ke cikin bakwai, yana kuma cikin takwas. Ɗalibin ya zaɓi ɗaya ya yi shiru. Haɗarin shi ne, da zarar mutum ya raya wata kalma a ransa, kunnensa zai riƙa jin ta duk sanda ya maimaita. Saboda haka idan an saurara sau uku, an rage gudun muryar, ba ta fito ba, sai a ba wani ɗan yankin ya ji ba tare da an gaya masa abin da ake zato ba. In ra'ayi ya rabu, a rubuta duka biyun cikin baka mai kusurwa da alamar tambaya, da minti da daƙiƙar wurin, kuma shakkar ta bi kalmar har cikin fassara.

Wannan aiki yana cin lokaci. Hirar awa ɗaya takan ɗauke mu awa shida zuwa takwas kafin a fara zancen fassara, don haka muke shawartar masu duba kundaye su rage yawan hirarrakin da suke ɗora wa ɗalibi, su kuma karɓi muryar tare da kwafin. Game da tiyoyin nan, mun tambayi dattijon da aka koma. Ya yi dariya ya ce shi ma ya manta, don haka a kundin an bar su yadda suke, bakwai ko takwas.