YADDA AKE LISSAFIN NISAN TAFIYA MAI ZANGO DA YAWA

Jama'a, duk wanda zai yi doguwar tafiya, ko direba ne, ko ɗan kasuwa mai ɗaukar hayar babbar mota, ko ma'aikaci mai neman alawus ɗin tafiya, wajibi ne ya san nisan da ƙafar motarsa za ta taka. Da wannan nisa ake auna mai, da shi kuma ake yanke kuɗin haya. Ka'idar lissafin guda ɗaya ce: kowane yanki na hanya a ƙirga shi daidai yawan bin da aka yi masa, wanda ba a bi ba kuwa kada a ƙirga shi.

Tara Zango-Zango

Bari mu ɗauki hanyar Kano zuwa Zuba, a bakin Abuja. Daga Kano zuwa Zariya kimanin kilomita 137 ne, daga Zariya zuwa Kaduna kimanin 73, daga Kaduna zuwa Zuba kuwa kimanin 165. A rubuta kowane zango a layinsa, a tabbata inda na farko ya ƙare nan na biyu ya tashi, sa'an nan a tara: 137 da 73 da 165 sun zama 375. Wanda zai zarce cikin birnin Abuja sai ya ƙara wani zango daga Zuba, don wannan jimla ba ta kai shi can ba.

A yi hattara da allunan gefen hanya. Allo yana faɗin nisa ne daga inda aka kafa shi. In a Kano ka ga an rubuta Zariya 137, Kaduna 210, to, kada ka tara su. Nisan Zariya yana cikin 210 ɗin nan tuni. Debewa ake yi: 210 a debe 137, saura 73, shi ne tsakanin Zariya da Kaduna.

Ratse Iri Biyu Ne

Na farko shi ne wanda za ka bar babbar hanya, ka shiga wani gari, ka komo inda ka ratse. A ce za ka sauke taki a wani ƙauye mai nisan kilomita 18 daga bakin titi. Zuwa 18 ne, dawowa ma 18, watau an ƙara 36. Ba a debe kome daga babbar hanya ba, domin ba ka tsallake ko taku ɗaya nata ba.

Na biyu shi ne zagaye. A ce gada ta karye, aka karkatar da motoci ta wata hanya mai kilomita 24, wadda ke komawa kan titi a can gaba. Tsakanin inda aka fita da inda aka koma akwai kilomita 15 na titi da ba ka bi ba. A nan 24 a debe 15, ƙarin 9 ne kurum. Wanda ya ɗora 24 ɗungurungum ya biya kuɗin hanyar da bai taka ba.

Saboda haka kafin ka rubuta kowane ratse, tambayi kanka: inda na fita nan na komo, ko kuwa a gaba na ɓulla? In nan ka komo, ninka biyu. In a gaba ne, debe abin da ka tsallake.

Jimla Da Amfaninta

Yanzu sai mu haɗa: 375 da 36 da 9 sun zama kilomita 420. In motarka tana cin kilomita 10 da lita ɗaya, lita 42 kake bukata. Wanda ya sayi man kilomita 375 kaɗai, mai zai yanke masa saura kilomita 45 ya isa, wataƙila da dare, a dokar daji. Ya kamata ma a sayi fiye da lissafi, domin hanyar zagaye takan zama ta burji, mota kuwa ta fi shan mai a kanta.

Gwada Lissafinka

Kafin ka tashi, rubuta lambar da ma'aunin nisa na motarka ya nuna. In ya nuna 52,300 a Kano, ya kamata ya nuna wajen 52,720 a Zuba. Bambancin 'yan kilomita ba abin damuwa ba ne, yawon cikin gari kan jawo shi. Amma in bambancin ya kai 18, duba ko ka manta da dawowa daga ƙauye. In kuwa ma'aunin ya nuna wajen 260 kawai, to, da mil yake ƙirga, kamar yadda wasu motocin da ake shigowa da su suke yi. Mil 5 kimanin kilomita 8 ne. Ƙwarya ta bi ƙwarya: a mai da duka lissafin kilomita kafin a tara.

Wanda ya karanta wannan takarda ya daure ya bayyana wa 'yan'uwansa direbobi da yaran mota.