Gyaran Saƙon Imel na Neman Ciniki: Yadda Ake Fara Shi da Damuwar Mai Karɓa

Saƙon neman ciniki na farko shi ne wanda ɗan kasuwa ko mai sana'a ke aika wa mutumin da bai san shi ba, bai kuma nemi a aiko masa ba. Mai karɓa yakan gan shi a waya, a tsakiyar wasu ayyukan, kuma abin da allon ke nuna masa kafin ya buɗe abu uku ne kawai: sunan wanda ya aiko, taken saƙon, da 'yan kalmomin farko. A kan waɗannan yake yanke shawarar buɗewa ko wucewa. Idan ya buɗe, tambayar da ke ransa ɗaya ce: me ya shafe ni a nan? Yawancin irin waɗannan saƙonni suna mutuwa ne saboda sun ɓoye amsar a sakin layi na huɗu, bayan dogon tarihin kamfani.

A ɗauki misalin wani ƙaramin kamfanin haɗa sola a Kano da ke son samun aiki a wani asibiti mai zaman kansa. Saƙon da ma'aikacinsa ya fara rubutawa ya kai kalma 300. Takensa "Gabatar da kamfaninmu da ayyukanmu". Bayan gaisuwa mai layi huɗu, ya ci gaba kamar haka:

"Muna farin cikin gabatar muku da kamfaninmu, wanda ya yi fice wajen samar da ingantattun kayan sola a faɗin Arewa. Muna da ƙwararrun injiniyoyi, muna sayar da farantan sola, batir, inbata da fitilun titi, muna kuma haƙa rijiyar burtsatse. Burinmu shi ne gamsar da abokan cinikinmu. Ga kundin kayanmu a haɗe. Muna fatan za ku ba mu dama mu yi aiki tare."

Babu ƙarya a cikin wannan, kuma ladabinsa bai da aibu. Illarsa ita ce ana iya aika shi ga gidan burodi, ko makaranta, ko otal, ba tare da an sauya harafi ɗaya ba, kuma likitan da ya karanta zai gane haka nan take. Akwai gwaji mai sauƙi da ke tona wannan: a ƙirga jimlolin da suka fara da "muna" ko "kamfaninmu", a kwatanta da waɗanda ke magana a kan mai karɓa. A wannan saƙo, asibitin bai fito ko sau ɗaya ba.

Gyaran yana farawa ne kafin a taɓa rubutun. Sai an gano abin da ke ci wa mutumin tuwo a ƙwarya, kuma nan ne mafi yawan aikin yake. "Matsalar wuta" ba ta isa ba, domin kowa na da ita, kuma asibitin ya daɗe da sayen janareta. Sai a sauko ƙasa. A misalin nan, asibitin ya sanar a shafinsa na Facebook cewa ɗakin gwajinsa ya fara aiki dare da rana. Wanda ya san sana'ar zai hango abin da hakan ke nufi. Da dare kayan da ke kunne kaɗan ne: firjin alluran rigakafi da dole ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8 a ma'aunin salshiyos, fitilu, fanka, da na'ura ɗaya ko biyu. Amma idan NEPA ta ɗauke, babban janaretan da aka saya domin nauyin rana ne zai kwana yana ruri saboda su. Injin dizal ba ya rage shan mai daidai da raguwar nauyin da ke kansa, kuma daɗewa yana aiki da ɗan ƙaramin nauyi na lalata shi. Idan aka ƙaddara yana shan lita 3 a awa na tsawon awa 8, lita 24 ke nan kowane dare, sama da lita 700 a wata. Wannan ita ce damuwar da mai asibiti ke gani a takardar kuɗin mai duk ƙarshen wata.

Irin wannan bincike bai wuce minti goma sha biyar ba. Ana samun alamun a sanarwar buɗe reshe, tallan neman ma'aikata, ƙorafin kwastomomi a shafin kamfanin, ko ma wucewa ta ƙofar wurin a ji ƙarar inji. Idan an duba ba a sami komai ba, wataƙila mutumin ba ya cikin waɗanda ya kamata a rubuta wa.

Da damuwar a hannu, saƙon ya koma haka, da taken "Janaretan dare a asibitinku":

"Assalamu alaikum Dakta, barka da aiki.

Na ga sanarwar da kuka yi cewa ɗakin gwajinku ya fara aiki dare da rana. Asibitoci masu girman naku kan kwana da babban janareta a kunne saboda firjin magani da 'yan fitilu kawai. Haka abin yake a wajenku?

Bara mun haɗa wa wani asibiti mai gado 20 batir da sola domin kayan dare kaɗai. Yanzu suna kashe janareta daga ƙarfe 10 na dare zuwa asuba.

Idan kun yarda, zan zo ranar Talata ko Alhamis in duba kayan da ke kwana a kunne, in lissafa muku wutar da suke ci. Minti 20 ne, kuma kyauta.

Na gode."

A ƙasa sai suna, sunan kamfani da lambar waya. Kalmomin kusan 100 ne, kashi ɗaya cikin uku na tsohon, kuma yana shiga allon waya ba sai an yi ta jan yatsa ba.

Gaisuwa ita ce wurin da marubucin Bahaushe ke jin nauyin yankewa, kuma da gaskiyarsa: shiga magana ba sallama rashin tarbiyya ne, a takarda ko a zaure. Amma tambayar iyali da gajiya da sanyi ta dace da wanda aka sani. Daga baƙo, a imel, tana cinye layin da waya ke nunawa a ƙarƙashin take. Sallama da "barka da aiki" sun sauke haƙƙin. Laƙabi kuwa ba a wasa da shi. A tabbatar ko Dakta ne, ko Alhaji, ko Hajiya, ko Injiniya, a kuma yi amfani da "ku" na girmamawa. Kuskure a suna ko laƙabi na kashe saƙo tun kafin a kai ga maganar.

Jimla ta farko bayan gaisuwa tana nuna dalilin da ya sa aka rubuto wa wannan mutum a wannan lokaci. Ta biyu ta faɗi damuwar, sai aka rufe ta da tambaya. Tambayar nan ba ado ba ce. Marubucin hasashe yake yi, bai shiga asibitin ba, kuma zai yiwu sun riga sun sayi ƙaramin janareta na dare. Da ya rubuta "kuna asarar kuɗi a kan mai kowane dare", ya zama baƙon da ke koya wa mai gida yadda gidansa yake, kuma idan hasashen ya kuskure babu hanyar gyarawa. Tambaya kuwa ko an amsa ta da "a'a, mu matsalarmu batir ɗin da muka saya ne ya mutu", an sami amsa, an kuma sami ainihin damuwar.

Tarihin kamfani gaba ɗaya ya koma jimla biyu a kan aiki guda da ya yi kama da na mai karɓa. Fitilun titi da rijiyar burtsatse sun fita, ko da yake kamfanin na yin su, saboda ba su da alaƙa da janaretan dare. Kalmomi irin "ingantacce" da "ƙwararru" ma sun fita, domin babu mai tallan da ke cewa kayansa marasa inganci ne. Abin da ya maye gurbinsu abu ne da za a iya bincikawa: gado 20, ƙarfe 10 zuwa asuba. Sharaɗin shi ne ya zama gaskiya, domin likitan na iya cewa a ba shi lambar wancan asibitin, kuma ba a ambaci sunan tsohon kwastoma sai da izininsa. Sabon kamfanin da bai taɓa yin irin aikin ba gara ya bar wannan sakin layi, ya dogara da tayin dubawa kyauta.

Buƙatar ƙarshe ita ma ta sauya. "Ku ba mu dama mu yi aiki tare" ba ta gaya wa mutum abin da zai yi ba, don haka ba ya yin komai. Sabuwar buƙatar ƙarama ce, guda ɗaya, kuma ana iya amsa ta da kalma ɗaya: "Talata." Ba a nemi ya sayi komai ba tukuna. An kuma cire kundin PDF, saboda mutane na tsoron buɗe fayil daga wanda ba su sani ba, kuma fayil ko tarin mahaɗai daga sabon adireshi na ƙara yiwuwar saƙon ya faɗa akwatin Spam. Kundin zai yi amfani bayan an amsa.

Gajartawa na da iyaka. Saƙon da aka datse har ya rage "Muna haɗa sola, ku kira mu" gajere ne, amma ya koma talla. Ma'aunin shi ne kowace jimla ta yi ɗaya daga cikin ayyuka huɗun da aka gani: dalilin rubutowa, damuwa, shaida, buƙata. Wadda ba ta yi ko ɗaya ba a cire ta. Idan ɗaya daga cikin huɗun ya ɓace, an yanka har ƙashi.

Bayan aikawa, amsoshi ne ke nuna inda matsala take. Alƙaluman "an buɗe" da wasu manhajoji ke bayarwa ba abin dogaro ba ne sosai, musamman tun 2021 da kamfanin Apple ya sa manhajarsa ta imel ta riƙa ɗauko abin da ke cikin saƙo ko mutum bai karanta ba. Idan an aika wa mutum ashirin ko talatin aka ji shiru ɗungurungum, a fara duba ko saƙon na isa, ta hanyar aika shi ga adireshin wani aboki a ga akwatin da ya faɗa, sannan a duba ko mutumin da ya dace ake rubuta wa. Adireshin da ya fara da info@ sau da yawa babu mai kula da shi. Idan ana amsawa da "ba ma buƙata", damuwar da aka zaɓa ce ba ta yi musu zafi ba. Idan ana cewa "turo mana bayani" sannan a yi shiru, damuwar ta yi daidai, shaidar ce ba ta gamsar ba, ko buƙatar ta yi nauyi.

Shiru na farko ba ƙi ba ne, domin mai asibiti na iya ganin saƙo a tsakiyar duba marasa lafiya ya manta. Bayan kwana huɗu ko biyar ana iya tuni a ƙarƙashin saƙon farko, da layi biyu da ke ƙara wani abu sabo, kamar lissafin lita 700 ɗin nan a farashin dizal na wannan makon. Tuni ɗaya ko biyu sun isa. Wanda ya ce a daina aiko masa, a cire adireshinsa a ranar. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum 'yancin ƙin a yi amfani da bayanansa wajen aiko masa da talla.