Jar Fitila a Gidan Mata Huɗu

A 1991 darakta Zhang Yimou na ƙasar Sin ya fitar da fim ɗin da duniya ta sani da suna Raise the Red Lantern, wanda ya ci kyautar Zakin Azurfa a bikin finafinai na Venice. Labarin ya faru ne wajejen shekarun 1920. Songlian, wadda Gong Li ta fito a matsayinta, 'yar shekara 19 ce da ta bar jami'a bayan rasuwar mahaifinta, ta shiga gidan attajiri Chen a matsayin mace ta huɗu. An ɗauki fim ɗin a tsohon gidan zuri'ar Qiao da ke lardin Shanxi, gida mai dogayen katangu ruwan toka, inda duk abin da yake ja sai ya tsone wa mai kallo ido.

Kullum da yamma matan sukan tsaya a ƙofofinsu, sai wani dattijon bara ya zo ya dasa jar fitila a gaban wadda maigida ya zaɓa. A kunna fitilun sashenta, a yi mata tausar ƙafa da wasu 'yan sanduna masu kacau-kacau, washegari kuma ita ke faɗin abin da za a dafa. Mai karatu zai tuna da rabon kwana, amma akwai bambanci babba. A wurinmu kowace mace ta san ranar girkinta, haƙƙinta ne. A gidan Chen babu layi, sai wadda maigida ya ga dama, don haka kowace yamma sabuwar gasa ce.

A al'adar Sinawa ja launin biki ne da sa'a, shi amarya ke sawa. Da wannan ma'ana fitilar ta fara, sai dai ba ta tsaya a nan ba, kuma a ganina nan gwanintar take. Songlian ta yi ƙaryar ciki don fitilunta su kwana su wuni a kunne. Da asiri ya tonu, maigida bai sake ta ba, bai ɗaga mata hannu ba. Umarni ya bayar a lulluɓe fitilunta da baƙin ƙyalle. Mai kallo ya riga ya ga ana kunnawa ana kashewa sau da yawa, shi ya sa ba ya bukatar bayani kafin ya gane an binne ta da ranta.

Sai kuma baranyarta Yan'er, mai mafarkin zama matar gida, wadda ta ɓoye tsofaffin fitilu masu faci a ɗakinta tana kunnawa a asirce. Cikin fushi Songlian ta tona ta, aka ƙona fitilun a tsakar gida, yarinyar ta durƙusa cikin dusar ƙanƙara ta ƙi ba da haƙuri, har ciwo ya kama ta ta mutu. Abin da ke ɗaga darajar wata, shi ya zama ajalin wata. Daga baya, da aka rataye mace ta uku, mawaƙiya Meishan, a wani ɗan ɗaki da ke kan soro saboda hulɗarta da likitan gidan, Songlian ta kunna fitilun sashen marigayiyar da hannunta, ta sa faifan waƙarta. Barori suka zaci fatalwa ce, suka ranta a na kare. A karon nan kaɗai fitilar ta tsorata masu yi wa dokar gidan hidima.

Ga yadda ake gane alamar da ke aiki daga wadda aka sa don ado: a duba ko tana dawowa, kuma ko wanda ke riƙe da ita da abin da take jawowa suna sauyawa. Ba kowane jan abu a allo ne ke ɗauke da saƙo ba, kuma wasu masu sharhi kan wuce gona da iri a nan. Fitilar Zhang ta ci jarrabawar, har ta tsaya a madadin maigidan kansa, wanda kyamara ba ta taɓa matsowa kusa da fuskarsa ba. Daga nesa ake hango shi, ko a ji muryarsa.

Wani abin mamaki shi ne al'adar kunna fitilar ba ta cikin littafin Su Tong da aka ɗauko labarin daga ciki. Masu fim ɗin ne suka ƙago ta, har wasu masu sharhi na Sin suka zargi Zhang da ƙirƙiro al'ada don burge 'yan kallo na ƙetare. Zargin yana da tushe, domin mutane da yawa sun tashi daga kallo suna zaton haka auren mace fiye da ɗaya yake a tsohuwar Sin. Amma littafi yana iya shiga zuciyar Songlian ya faɗi kishinta, shi kuwa fim sai ya nemo abin da ido zai gani kowace yamma.