Tsayuwar Wani, Fuskar Wani

A ce kana da hoton fasfo na ƙaninka, kana son ka ga shi tsaye ya riƙe ƙugu, alhali bai taɓa ɗaukar hoto a haka ba. Masu aiki da Stable Diffusion suna raba wannan aiki gida biyu: jiki daban, fuska daban.

Jikin aikin ControlNet ne, wanda Lvmin Zhang da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford suka fitar a 2023. Za ka samo hoton kowane mutum da ya yi irin tsayuwar da kake so, sai OpenPose ya zare masa ƙwarangwal: ɗigo 18 na gaɓoɓi, da layuka masu launi a kan baƙin fili. Wannan taswirar ba ta ɗauke da kamannin kowa, inda kafaɗa da gwiwar hannu da idon sawu za su zauna kawai take nunawa. Ka zaɓi mai kaya daidai jiki, domin babbar riga tana ɓoye gwiwoyi, sai ka ga ƙwarangwal ya fito da ƙafa a karkace ko babu hannu ɗaya. Duba taswirar da idonka kafin ka ci gaba.

Fuskar kuma IP-Adapter FaceID ke ɗaukarta daga hoton fasfon. Ya zama mai haske, yana kallon gaba, babu tabarau.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wurin zaɓen nau'in taswira. Wanda ake kira openpose_full yana kwaso har da zanen haɓa, baki da idanun mai tsayuwar. Ka ga ke nan an ba injin fuska biyu, su yi ta ja-in-ja. Alamarsa ita ce hoto ya fito da idanun ƙaninka amma haɓar baƙo. Maganin shi ne ka zaɓi openpose zalla, ka bar wa hoton fasfon fuskarsa. Ni nakan bar ƙarfin taswira a 1.0, na fuska wajen 0.7. In na fuskar ya yi yawa, kai yakan ƙi juyawa tare da jiki, ya ƙame kamar an liƙa shi.

Akwai kuma matsalar da ba laifin saiti ba ce. Injin yana ƙanƙance hoto sau 8 ta kowane gefe kafin ya yi zane, don haka a hoton tsaye mai faɗin 512, fuskar da ba ta wuce ɗigo 40 ba gurbi 5 kacal take samu. Kamanni ba ya shiga nan. Sai a gama jikin tukuna, a shata fuskar kaɗai a sake zana ta da girma ta hanyar inpaint.

Kafin duk wannan, ka nemi izinin ƙanin naka. Fuskarsa ce, kuma wanda ya ga hoton zai ɗauka shi ya yi tsayuwar.