Wasiƙar Mai Ɗaukar Hoto: Dalilin da Ƙaramin Hoto Ba Ya Zama Babbar Fosta

Masu ɗaukar hoton biki kan samu saƙo iri ɗaya a kai a kai. Uwar amarya ko ango ya turo hoto ta WhatsApp, ya ce a buga shi babba, inci 24 a faɗi da 36 a tsayi, a sa masa firem ko a kafe a ƙofar zauren walima. Mai sana'ar da ya san aikinsa ba ya karɓar kuɗi ya buga kawai. Yakan rubuta wa mai aikin bayani tukuna, domin hoton da ya yi kyau a fuskar waya yana iya fitowa dishi-dishi a kan takarda, kuma idan an riga an buga, ba gyara.

Wasiƙar takan fara da abin da hoton ya ƙunsa. Duk hoton waya ko kyamara tarin ƙananan ɗigo ne masu launi, waɗanda ake kira fiksel, kuma yawansu ƙayyadadde ne tun daga lokacin da aka ajiye hoton. Kamar aikin hula ne: idan aka shimfiɗa zanen da aka yi wa hula ɗaya a kan babbar riga ba tare da ƙara ɗinki ba, sai tazara ta bayyana, zanen ya watse. Fuskar waya ba ta wuce tafin hannu ba, shi ya sa ɗigo kaɗan ke cika ta har ido ya ga komai sumul.

Daga nan sai lissafi, kuma shi ne ya fi gamsar da mai aiki. Kyamara mai megafiksel 24 tana fitar da hoto mai ɗigo 6000 a tsayi da 4000 a faɗi. Idan aka raba 6000 da inci 36, kowane inci zai samu ɗigo kusan 167, wanda ya wadatar ga hoton bango, tunda maɗaba'a kan nemi wajen 150 a irin wannan aiki. Amma idan aka tura wannan hoton ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar takan matse shi ya koma wajen 1600 a ɓangarensa mai tsayi. Raba 1600 da 36 zai ba da 44 kacal. A wannan adadi gashin ido ya haɗe, zanen lalle a hannun amarya ya zama tabo, aikin leshi kuma ya ɓace. Hoton da aka matse haka, in ana son ingancin albam na ɗigo 300 a inci, bai fi inci biyar da ɗan kai ba.

Akwai hanyoyi biyu da hoto ke ƙara lalacewa ba da sanin mai shi ba. Ɗaya ita ce ɗaukar hoton fuskar waya maimakon sauke ainihin fayil ɗin. Ɗayar kuma yanka ce: idan aka ciro ango da amarya daga hoton mutum ashirin, abin da ya rage ɗan yanki ne na ɗigon farko, ko da asalin hoton babba ne.

Mutane da yawa kan tambaya ko ba za a iya ƙara girman a kwamfuta ba. Za a iya, sai dai manhajar tana cike gurbi ne da kintace daga ɗigon da ke maƙwabtaka. Ba ta da hanyar dawo da abin da aka zubar. Haka nan sauya lambar DPI zuwa 300 a cikin Photoshop ba ya ƙara komai a cikin hoton. Wasiƙa ta gari takan faɗi wannan ƙarara, domin gaskiyar ta fi wa mai aiki amfani a kan alkawarin da ba zai cika ba.

Nisan mai kallo ma yana da tasiri. Banar da za a rataya can sama a waje, ana hango ta daga tsallaken titi, tana jure ƙarancin ɗigo. Hoton falo kuwa baƙi za su matso har gabansa su duba fuska.

Ƙarshen wasiƙar mafita ce. Mai hoton kan roƙi a nemo asalin fayil ɗin daga wayar ko kyamarar da ta ɗauka, a turo shi ta zaɓin Document, wanda ba ya matse hoto, ko ta imel ko filash. Nauyin fayil yana ba da alama: asalin hoton kyamara kan kai megabait da dama, wanda aka matse kuwa sau da yawa bai kai ɗaya ba. Idan asalin ya ɓata, sai a buga ƙarami, ko a haɗa hotuna da yawa a fosta ɗaya yadda babu wanda za a ja fiye da ƙarfinsa. Wanda ya nace a kan babba, ana iya buga masa yankin fuskar kaɗai a kan ƙaramar takarda, da girman da zai fito a fostar, ya duba da idonsa kafin ya biya kuɗin cikakken aikin.