Ina sharhin ya tafi? Yadda matatar YouTube ke tsare zagi da tallan damfara

Idan kana ɗora bidiyo a YouTube, ka san baƙi iri biyu da ba a gayyata: mai zagi, da mai tallan "turo dubu biyar ka samu dubu hamsin". Goge su ɗaya bayan ɗaya aiki ne da ba ya ƙarewa. Shi ya sa aka yi matata, wadda ke duba sharhi kafin jama'a su gan shi.

Abu na farko da za ka gane shi ne, matatar ba gogewa take yi ba, tsarewa take yi. Sharhin da ta kama yana zuwa wani ɗakin jira a YouTube Studio, inda masu kallo ba sa ganinsa. Kai za ka duba, ka sake shi, ko ka goge, ko ka kai ƙara. Amma jiran yana da iyaka: kwana 60 ne, daga nan sharhin ya tafi ke nan.

Tsananin tsarewar hawa huɗu ne. None ba ya tsare komai. Basic yana tsare abin da na'ura ke zargin bai dace ba. Strict yana faɗaɗa zargin, don haka yana kama da yawa, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Hold all kuwa yana tsare kowane sharhi sai ka amince. Wannan na ƙarshe ya fi dacewa da ranar da aka yi maka taron dangi a kan wani bidiyo.

Bayan wannan akwai Blocked words, jerin kalmomin da kai da kanka ka rubuta, kana raba su da waƙafi. Duk sharhin da ya ƙunshi ɗaya daga ciki, ko abin da ya yi kusa da ita sosai, sai ɗakin jira. To, a nan mai Hausa ke gamuwa da cikas.

A ce wata mai koyar da girki ta gaji da masu kiranta da sunan dabbobi, sai ta sa "kare" a jerin. Washegari ta leƙa, ta tarar an tsare sharhi goma. Biyu ne kawai zagi. Biyar addu'a ce: "Allah ya kare ki." Uku kuma tambaya: "Idan man gyaɗa ya kare fa?" domin mutane da yawa ba sa sa lanƙwasar ƙ a waya. Wato cikin goma, takwas an kama su a banza. Dalili kuwa, jerin haruffa yake dubawa, ba ma'ana ba. Matsalar ma tsohuwa ce: a 1996 matatar kamfanin AOL ta hana mutanen garin Scunthorpe na Ingila yin rajista, saboda akwai haruffan wata kalmar batsa a tsakiyar sunan garinsu.

Maganin shi ne ta cire kalmar tilo, ta sa jimlar da masu zagin ke amfani da ita, kuma ta rubuta ta yadda ake rubuta ta a waya, da lanƙwasa da kuma babu:

```
ɗan kare, dan kare, ɓarauniya, barauniya, turo kuɗi, turo kudi
```

Da haka addu'a za ta wuce, zagin ya tsaya.

Masu damfara kuma suna da tasu alamar: so suke su ja ka zuwa wani wuri. Kunna Block links yana tsare sharhin da ke ɗauke da adireshin intanet. Wasu sukan kauce da "yi min magana a Telegram", sai ka ƙara irin wannan jimlar a jerinka.

Akwai abin da jeri ba zai taɓa kamawa ba: habaici. "Su o'o an iya girki, sai dai babu mai ci" ba shi da kalmar zagi ko ɗaya. Idan mutum guda ne ya matsa, a nan Hide user from channel ke aiki. Sharhinsa zai daina bayyana ga jama'a a tasharka, kuma ba a aika masa sanarwa, don haka bai cika saurin buɗe sabon asusu ba.

Ta yaya za ka san saitinka ya yi daidai? Leƙa ɗakin jira sau ɗaya a mako ka ƙirga. Idan yawancin abin da ke ciki sharhin kirki ne, nemo kalmar da ke kama su ka mayar da ita jimla, ko ka sauko daga Strict zuwa Basic. Idan kuwa ɗakin wayam yake alhali zagi na yawo a ƙarƙashin bidiyo, kwafo rubutun masu zagin harafi da harafi ka ƙara a jerin.